Gara ta ci biyu daga cikin kalmomin sirrina: kuɗina sun tafi ke nan?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. An sace mini waya a babbar kasuwar Garwa, kuma akwai USDT, kuɗin intanet mai bin darajar dalar Amurka, na kusan jaka ɗari huɗu na sefa a manhajar Trust Wallet ɗina. Takardar da na rubuta kalmomi 12 a kanta gara ta ci gefenta, ta huɗu da ta tara ba sa karantuwa. In na tura wa kamfanin katin ɗan ƙasa, za su buɗe mini? Daga wani ɗan kasuwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Katin ɗan ƙasa ba zai yi aiki a nan ba, amma kada ka yar da takardar nan, domin da sauran dama.

Mun saba da Orange Money da MTN MoMo, inda kamfani ke riƙe da lissafin kuɗinka, in ka manta lambar sirri ka kai kati a sauya maka. Walat irin naka ba haka yake ba. Kuɗin ma ba sa cikin wayar, suna rubuce ne a bulokcen, wato kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke cikin wayar shi ne mabuɗin sirri, wata doguwar lamba da ake sa hannu da ita duk lokacin da za a fitar da kuɗi. Daga kalmomin nan 12 ake lissafo mabuɗin, daga mabuɗin a lissafo adireshin da kake ba mutane. Lissafin gaba kawai yake tafiya, kamar niƙa dawa: gari ba ya komawa tsaba. A cikin wayarka aka ƙirƙiri kalmomin, kamfanin bai taɓa ganinsu ba, don haka ba rowa zai yi maka ba, babu abin da zai ba ka ne.

To me zai hana kwamfuta ta yi ta canka? Tsarin da ake bi, BIP39 na shekarar 2013, yana ɗauko kowace kalma daga jerin kalmomi 2048. In an haɗa 12, yawan jerin da zai iya fitowa lamba ce mai alƙaluma 39. Ko an tara kwamfutocin duniya ba za su gama gwadawa ba. Shi ya sa wanda ya rasa takarda ya rasa waya, kuma bai ajiye kwafi ba, zai riƙa ganin kuɗinsa a adireshin har abada amma ba zai taɓa ko dala ba.

Kai kuwa biyu ka rasa, kuma ka san gurbinsu. 2048 sau 2048 ya kama 4,194,304, wanda ba wani abu ba ne a wurin kwamfuta. Sannan kalmar ƙarshe tana ɗauke da alamar tantancewa da ke watsar da kusan 15 cikin kowane 16, sai kimanin 262,000 su rage. Da uku ne, da an haura biliyan 8. Da huɗu ne, tiriliyan 17, a nan ne lamarin ke fin ƙarfin kwamfutar gida.

Fara da duba takardar a hasken rana. A jerin Turanci, haruffa huɗun farko sun isa a gane kalma, don babu biyu da suka yi tarayya a cikinsu. Ko harafi biyu gara ta bari, sun rage aiki sosai. Daga nan ka nemi adireshinka wajen wanda ya taɓa turo maka kuɗi. In na bulokcen ɗin Tron ne, zai fara da T, ka sa shi a shafin Tronscan ka tabbatar kuɗin na nan. Akwai manhajar kyauta, BTCRecover, da ake ba kalmomi 10 da adireshin ta yi ta gwaji har ta dace. A yi wannan a kwamfutar da aka cire daga intanet, kana zaune a wurin. Ka kuma leƙa Google Drive ɗinka, ko ka taɓa kunna ajiyar kwafi ka manta, sai dai ita ma tana neman kalmar shiga da ka sa a lokacin.

Wani gargaɗi, don na sha ganin haka. Da zarar ka yi cigiya a Telegram ko Facebook, za a yi maka ca da sunan ma'aikatan kamfani. Duk wanda ka tura wa kalmomin nan 10, lissafin da na yi maka shi ma zai iya yinsa, ya riga ka kwashewa. Ko mai gyaran waya kada ka bar wa hoton takardar.

In ka samu shiga, kada ka zauna a tsohon walat ɗin, domin mabuɗinsa na hannun ɓarawo, lambar kulle ce kawai tsakaninsu. Buɗe sabo, rubuta kalmominsa a takarda biyu, in a Tron kuɗin suke ka zuba TRX, wato kuɗin Tron, kaɗan a tsohon na kuɗin aikawa, ka kwashe komai a ranar.