Sun ba ni gurbi amma da sharaɗi

"Salam 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Jidda. Wata jami'a a Ingila ta turo mini takarda an rubuta Conditional Offer don digiri na biyu. Suna son 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS da shahadar kammalawa kafin 31 ga Yuli. Na samu ke nan, ko da saura?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Da saura. Kujera ce suka ajiye maka har zuwa wannan ranar. Sai ka cika abin da suka lissafa za su mayar da takardar Unconditional, daga nan su ba ka lambar CAS ta tabbacin sun karɓe ka, wadda in babu ita ba ka da hanyar neman bizar ɗalibi.

Koma ka karanta layin IELTS ɗin har ƙarshensa, don nan na yi tuntuɓe. Nawa cewa ya yi 6.5, amma kada wani sashe ya gaza 6.0. Na ci 7.5 a sauraro, 7.0 a magana, 6.5 a karatu, rubutu kuma 5.5. Jimilla ta ba da 6.5, har na kira gida ana ta barka. Bayan kwana uku aka amsa mini cewa ban cika ba, saboda rubutun. Abin da ya cece ni shi ne na zauna jarrabawar tun watan Mayu, akwai sararin sakewa. Yanzu akwai One Skill Retake, inda za ka maimaita sashe ɗaya kawai cikin kwana 60, in a kwamfuta ka yi ta farko. Sai dai ba kowace jami'a ke karɓarsa ba, ka tambaye su a rubuce kafin ka zuba riyalolinka. Ni dai shawarata ka yi ta kwamfuta, sakamako 'yan kwanaki ne.

Shahada ita ce ba a hannunka take ba. In hutun Babbar Sallah ya faɗo a tsakani, ofisoshin jami'a a rufe suke, kowa ya sani. Kada ka zauna jiran ta ainihi. Da zarar maki sun fito, je ofishin rajista ka karɓi takardar sakamako ta ƙarshe da ifada, wato takardar shaidar kammalawa mai hatimi, ka tambayi masu ba da gurbin ko za su riƙe wannan tukuna. In da Larabci kaɗai aka ba ka, sai ofishin fassara mai lasisi, da sa hannu da kwanan wata, ka tura ta Larabcin tare da fassarar. Ka kuma duba takardar ta nuna makinka bisa 5 ne ko bisa 4, don 3.5 ba ɗaya ba ce a ma'aunan biyu.

In ka hango ba za ka kai ba, nemi ƙarin lokaci da makonni a gaba, ka haɗa da rasit ɗin ranar jarrabawarka. Kuma ka lura, mu muna hutu Juma'a da Asabar, su Asabar da Lahadi, ke nan Litinin zuwa Alhamis kaɗai ofisoshin biyu ke buɗe tare. Ka ɗauka ranarka ta ƙarshe 15 ga Yuli ce.