Yadda ake ɗora Zabura a kan murya ɗaya

"Kawu, barka da war haka. Shugaban mawaƙanmu ya ce ni zan rera Zabura ta 23 ranar Lahadi irin yadda kuke yi a da, ba ganga ba jita. Yaya ake ɗora kalmomin a kan muryar?"

'Yata, barka kadai, yaya mutanen gida?

Wannan al'ada ta cocin Roma ce, da Latin aka fara ta, kuma muryoyinta takwas ne. Sai bayan taron Vatican na biyu, wanda ya ba da izini a 1963, aka sake wa harsunanmu mara a sujada. Ki ɗauki ta takwas, ita ta fi zama a bakin jama'a.

Kowace aya gida biyu ce. Yawancin kalmomin a kan "do" kaɗai za ki zuba su, da saurin magana irin ta mai karanta wasiƙa a gaban manya. A ƙarshen kowane gida ne kawai murya take motsi. Saboda haka daga baya ake ƙirga gaɓoɓi, ba daga gaba ba, nan ne yara suke ɓata.

Ga ayar farko: "Ubangiji makiyayina ne". Ki shiga da so, la, do a kan U-ban-gi, wannan hawan kuwa a ayar farko kaɗai ake yin sa. Ki zauna a kan do har ki iso "na", ki ɗaga shi zuwa re, "ne" ya dawo do. Kin ga ko a magana "na" sama yake, "ne" ƙasa, to waƙar ba ta yi faɗa da Hausar ba. Sai ki tsaya ki ja numfashi sosai, kada ki ji kunyar shirun.

Gida na biyu: "ba zan rasa kome ba". Ba, zan, ra duk a kan do. Gaɓoɓi huɗun ƙarshe su ne gangaren: "sa" ti, "ko" do, "me" la, "ba" so. Wasalin "ko" dogo ne, ki ba shi haƙƙinsa.

Ba kowace aya ce za ta zauna lafiya haka ba. Latin ba ruwansa da hawa da saukar murya irin namu, shi ya sa wani lokaci re yakan faɗo kan gaɓar da a bakinmu ƙasa take, kalmar ta fito kamar baƙo ne ya faɗe ta. In haka ta faru, ki matsar da hawan baya zuwa gaɓa mai sama mafi kusa, sauran su zauna a do. Wasu malaman waƙa ba sa yarda a taɓa, ni dai na fi son a ji maganar.

Kafin Lahadi ki karanta kowace aya da ƙarfi, ki ja layi da fensir a inda murya za ta motsa. Sannan ki rera wa mamarki ba tare da ta ga littafin ba. Ayar da ta kasa maimaita miki, ita za ki gyara.