Me ya sa dannawa ɗaya a tallata ke da tsada?

Tambaya: Ina sayar da famfon sola na noman rani a Kura. Na sa talla a Google Ads, amma dannawa ɗaya tana cin kuɗi sosai, kuma Quality Score ɗina 3/10 ne. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, makin 3 yana nuna Google bai gamsu da tallarka ba. Abu uku yake aunawa: dacewar talla da abin da aka nema, hasashen yawan masu dannawa, da shafin da mutum zai sauka.

Google gwanjon gurbin talla yake yi tsakanin masu talla. Ga lissafi a sauƙaƙe: a ninka tayin kowa da makinsa. A ce abokin takararka ya taya naira 200 da maki 6, ƙarfinsa 1,200 ke nan. Kafin ka hau samansa da maki 3, sai ka biya wajen naira 400. Da makinka 8 ne, naira 150 ta isa. Ainihin gwanjon ya fi haka sarƙaƙiya, amma haka yake tafiya.

Duba cikin abubuwa ukun nan wanda aka rubuta wa Below average, wato ƙasa da matsakaici. Ina kyautata zaton shafin ne. Manomi a Kadawa, riƙe da ƙaramar waya ga sabis mai rauni, ba zai jira manyan hotuna su buɗe ba. Ka kai shi kai tsaye shafin famfon, ya ga farashi da lambarka, kuma kalmar da ya nema ta fito a kanun tallar.