Uba ya zo da faɗa kan makin ɗansa

Tambaya: Ina koyar da lissafi a sakandare. Wani uba ya same ni a ƙofar aji yana ɗaga murya, wai na danne wa ɗansa maki, ya ci 47 alhali yaron ba ya faɗuwa. Me zan ce masa idan ya dawo?

Amsa: Malam, kada ka yarda a yi maganar a ƙofar aji. Uban da ke faɗa a gaban ɗalibai ba zai iya sauka ba ko ya gane gaskiya, don kunya ba za ta bar shi ba. Ka gaishe shi, ka kai shi ofis, a samu mataimakin shugaban makaranta ya zauna da ku. Ka bar shi ya gama zubar da abin da ke cikinsa.

Kafin ya dawo, ɗauko takardar jarrabawar yaron da rajistar maki, ka sake haɗa lissafin da kanka. Mai duba takardu ɗari biyu cikin mako guda yana iya tsallake shafi, ko ya rubuta makin wani a layin wani. Idan ka ga haka, ka gyara ta hannun shugaban makaranta, ka faɗa wa uban ba ɓoye-ɓoye.

Idan lissafin daidai yake, to kada ka tsaya kare 47 ɗin a dunƙule, warware masa shi za ka yi. A makarantu da yawa gwaje-gwajen zango da aikin gida ke ɗaukar maki 40, jarrabawa 60. A ce yaron ya ci 11 cikin 15 a gwajin farko, bai zo na biyu ba, aikin gida 4 cikin 10, jarrabawa kuma 32. Sai ka ce: "Alhaji, ga takardunsa. A jarrabawa ya wuce rabi, kan yaron nan yana ja. Maki 15 na gwajin da bai zauna ba su ne suka ja shi ƙasa. Da ko 8 ya samu, da 55 yake da shi." A ma'aunin WAEC wannan shi ne bambancin D7 da kiredit. Sau da yawa a nan ne uba zai fara jin cewa ɗansa ya yi fashi ranar gwaji, ko ya tuna zazzaɓin da ya kwantar da shi. In rashin lafiya ce, dokar makarantarku ce za ta ce ko a sake masa gwajin.

Kada ka nuna masa takardar wani ɗalibi don kafa hujja, kada kuma ka ce yaron malalaci ne. Faɗi ranakun da bai kawo aiki ba kawai. In ya nace a ƙara maki, ce masa ba a hannunka yake ba, amma yana iya neman wani malamin lissafi ya sake duba takardar bisa tsarin makin da aka bi wa kowa. Ka sanar da shi tun da wuri cewa sake dubawa na iya ƙara maki, na iya ragewa.