Kafin ka biya: wace “sanction” ce a takardar?

Tambaya: Malam, ina shirin sayen injin casar shinkafa daga wani kamfani a Indiya, har na ba da kafin alƙalami. Sai suka turo mini saƙo cewa “The bank has sanctioned the loan for your order.” Ɗana ya ce takunkumi aka saka musu. In cika kuɗin ko in janye? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Alhaji, kwantar da hankalinka, albishir suka yi maka. Bankinsu ya amince ya ba su rancen da za su haɗa injin. Shi ma yaron bai yi laifi ba, don ma'anar da muka saba ji a rediyo ke nan, musamman tun da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a 2023.

Kalmar ta fito ne daga Latin, inda take nufin dokar da hukuma ta tabbatar. Doka kuwa tana halatta abu, tana kuma hukunta wanda ya keta ta, sai Turanci ya riƙe duka biyun. Abin da za ka duba shi ne abin da aikin ya faɗa wa. In rance ne, ko biyan kuɗi, ko wani shiri, to amincewa ce. In mutum ne, ko kamfani, ko ƙasa, galibi hukunci ne. A saƙonka rance aka ambata. Bankunan Indiya ma “sanction letter” suke kiran takardar da ke shaida an amince da rance, don haka a bakinsu wannan magana ce ta yau da kullum.

Da sun rubuto “The company has been sanctioned”, da na ce ka riƙe kuɗinka. Haka nan in ka ga kalmar da “s” a ƙarshe, ga “on” ko “against” a bayanta, kamar “sanctions against”, wannan takunkumi ne ba tantama. Wadda ta fi rikitarwa ita ce “sanctioned supplier”, domin tana iya zama dillalin da aka yarje wa, tana iya zama wanda aka haramta hulɗa da shi, kuma jimla ɗaya ba lallai ta raba gardamar ba.

Ni dai ba na son a ɗora miliyoyi a kan fassara, ko da tawa ce. Ka mayar musu da saƙo su amsa maka da kalma ɗaya, “approved” ko “blocked”, ka ajiye amsar. In da dala za ka biya, ka sa sunan kamfanin a shafin Sanctions List Search na ofishin OFAC da ke ƙarƙashin baitulmalin Amurka. Kyauta ne. Dalar da ake aikawa ƙasa zuwa ƙasa galibi ta bankunan Amurka take ratsawa, kuma in sunan mai karɓa yana cikin jerin, a nan kuɗin zai maƙale. Sai dai fa wannan binciken takunkumi kawai yake nunawa, ba ya shaida cewa kamfanin na da amana.

Tambaya: Malam, ƙamus nake so in saya wa ƙanwata da ke shirin WAEC. Ƙaramin na aljihu ya isa? (Wata malama daga Zariya)

Malama, bai isa ba, kuma tun a shagon za ki iya gwadawa. Buɗe “overlook”. Ƙamus mai kyau zai ba ki jimlar da ɗaki ke kallon kogi daga sama, ya ba ki wata da mutum ya tsallake kuskure bai gani ba. In gini ko taga ke aikin, hange ne. In mutum ne, to ko ya yi sakaci ko ya kau da kai da gangan. Na aljihu yakan jera ma'anonin a layi ɗaya babu misali, ya bar yarinya da canki-canka.

Sai ki duba “cleave”. Wannan asalinta kalmomi biyu ne daban a tsohon Turanci, ɗaya tsagawa ɗaya mannewa, da tafiya ta yi nisa suka koma rubutu ɗaya. Mai mannewar tana tafe da “to”, kuma “cleaved” ce a shuɗaɗɗen lokaci. Mai tsagawar ce ke da su “cleft” da “cloven”. Ƙamusun da ya raba su gida biyu ya kuma nuna wannan “to” ɗin, shi za ki ɗauka. Ki nemi irin wanda aka rubuta “Learner's” a bangonsa, ko da na hannu ne, matuƙar shafukansa sun cika.