Laftof ɗin ɗalibi: i7 ko i5?

Tambaya: "'Yan uwa, ƙanwata ta samu jami'a, kuɗina kuma ba yawa. Na ga laftof biyu na hannu, farashinsu kusan ɗaya. Ta farko Core i7-6600U, RAM 8GB, HDD 1TB. Ta biyu Core i5-8250U, RAM 8GB, SSD 256GB. Ba i7 ɗin ce ta fi ba?"

Ɗan'uwa, ɗauki ta biyun, kada ka yi wata-wata. Na daɗe ina duba wa ɗalibai irin waɗannan takardun bayanan laftof, kuma sunan i7 ne ya fi rufe wa mutane ido.

Ka duba lambar da ke bayan ɗan layin nan na cikin sunan, wato bayan i7- ko i5-. Lambar farko ita ce ke nuna zubin furosesa. 6600U zubi na shida ne, na 2015. 8250U kuwa na takwas ne, na 2017. Tsakaninsu akwai rata babba: waccan i7 ɗin kawunan aiki biyu gare ta, ita kuwa i5 ɗin huɗu. Idan yarinya ta buɗe Word da PDF da shafukan Chrome rututu, ga lacca a Zoom, nan za a ga bambancin. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take karɓar furosesar Intel, sai 'yan ƙalilan. Kwamfutar da za ta yi shekara huɗu a hannun ɗaliba bai kamata ta fara a haka ba. Af, idan ka ci karo da i5-1135G7, lambobi biyun farko ake karantawa, wato zubi na 11.

Kada 1TB ɗin ya ruɗe ka. HDD faifai ne mai juyawa, shi ke sa kwamfuta nawa wajen tashi, kuma ba ya jure buguwa a jaka. 256GB na SSD, ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai mai juyawa, ya ishi takardun karatu. Wanda nake roƙonka ka guje wa shi ne ƙaramar ma'ajiyar nan ta eMMC 64GB, don Windows kaɗai za ta cinye kaso mai yawa.

RAM 8GB ya yi. Amma ka nemi kalmar SO-DIMM a takardar, ma'ana za a iya ƙarawa nan gaba. In ka ga onboard ko soldered kawai, a manne yake, yadda ka saya haka za ta ƙare.

Abin da takarda ba za ta gaya maka ba shi ne lafiyar batiri. Kafin ka biya, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

A rahoton, kwatanta FULL CHARGE CAPACITY da DESIGN CAPACITY. In na farkon bai kai kashi 70 cikin ɗari na na biyun ba, ni dai sai a rage mini kuɗin sabon batiri kafin in ɗauka.