Merang ɗina yana kuka, ina matsalar take?

Tambaya: Salam Anti, don Allah duk lokacin da na yi merang, wato farin ƙwan nan da ake bugawa da suga a gasa, sai ya kwana ya fito da ɗigo-ɗigo kamar zuma a sama, wani lokaci kuma ruwa ya taru a ƙasa. Kuma wai meye bambancin na Faransa da na Suwis da na Italiya?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Ɗigon sama daban, ruwan ƙasa daban. Na saman nan suga ne ya narke ya tsattsafo, ko dai wuta ta yi yawa farin ƙwan ya ƙanƙance ya matso ruwan da ya riƙe, ko kuma tun wajen bugawa sugan bai narke ba, ƙwayoyin da suka rage su yi ta jan danshi daga iska, shi ya sa da damina abin ya fi yawa amma da hunturu da ƙyar ki gani. Ruwan ƙasa kuma rashin dahuwa ne, galibi in an ɗora merang kan wani haɗin kayan zaƙi da ya riga ya yi sanyi, sama ya gasu ƙasa yana ɗanye. Ki ɗora tun haɗin da zafinsa.

Na Faransa shi ya fi sauƙi, shi kuma ya fi kuka, wato fitar da ruwan nan, don ɗanyen farin ƙwai ake bugawa da suga babu wuta. Misali farin ƙwai 3, wajen giram 90 kenan, suga giram 180. Sai ya yi kumfa tukuna ki fara zuba sugan cokali-cokali, kar ki juye gaba ɗaya. In sugan mai manyan ƙwayoyi ne ki niƙa shi a bilenda. Kafin ki kashe miksa ki ɗan lakato ki murza tsakanin yatsu, in kin ji tsaki-tsaki to da saura, ci gaba da bugu. Sai oben a digiri 100 na ma'aunin Celsius, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ki kashe ki bar shi ciki ya huce, ki rufe a roba mai murfi, banda firij.

Na Suwis kuwa farin ƙwan da sugan za ki haɗa a kwano ki ɗora kan tukunyar ruwan zafi, kar gindin kwanon ya taɓa ruwan, kina juyawa har ya kai wajen digiri 70, sannan ki buga har ya huce. Sugan ya riga ya narke, rabin matsalarki ta tafi.

Na Italiya suga ake dafawa da ruwa kaɗan har digiri 118 zuwa 120, a tsiyaya siriri cikin farin ƙwan da aka buga ya yi kumfa, ta gefen kwano miksa tana aiki. Ya fi duka tsayawa, amma gaskiya in ba ki da abin auna zafi ki bari tukuna, ki fara da na Suwis, shi ko da yatsa za ki gane sugan ya narke.